Biro da takarda kafin kwamfuta: yadda ake tsinto sharuɗɗan aikin rubuta manhaja

Duk wanda ya taɓa duba aikin ɗaliban da ke koyon rubuta manhaja ya saba jin wannan kuka: "Malam, ai nawa yana yi." Kuma ba ƙarya ɗalibin ya yi ba. Manhajarsa tana tashi, tana karɓar rubutu, tana fito da amsa. Matsalar ita ce takardar da aka ba shi ta nemi abubuwa da yawa, shi kuwa babban cikinsu kawai ya gani. Sauran suna nan a kwance cikin wutsiyar jimloli, da cikin misalai, da cikin wani sakin layi da idonsa ya tsallake saboda hankalinsa ya riga ya tafi kan yadda zai fara rubutu.

Maganin wannan ba ya buƙatar basira ta musamman. Aiki ne na zama da biro da takarda, a bi bayanin aikin layi-layi, a fitar da kowane abu da aka nema a ajiye shi shi kaɗai, kafin a rubuta ko da layi ɗaya na kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta take bi. Na zaɓi in nuna yadda ake yin sa da aiki guda na gaske, domin faɗar "ka karanta da kyau" ba ta taɓa koya wa kowa karatu ba.

Aikin ya fito ne daga CS50, darasin gabatar da ilimin kwamfuta na Jami'ar Harvard, wanda David Malan yake koyarwa tun 2007, kuma tun 2012 kowa yana iya bin sa kyauta ta intanet. A mako na 2 na darasin akwai wani aiki mai suna Caesar, da ake rubutawa da harshen C. Sunan ya samo asali daga Julius Caesar na Rum, wanda marubucin tarihi Suetonius ya ba da labarin cewa yana ɓoye saƙonninsa ta hanyar musanya kowane harafi da wanda ke gabansa da taki uku. Abin da ake so ɗalibi ya yi ke nan: a ba manhajarsa wata lamba, wadda ake kira mabuɗi, a ba ta rubutu, ita kuma ta tura kowane harafi gaba daidai da wannan lamba. Idan mabuɗin 1 ne, A ta koma B, B ta koma C, a haka har ƙarshe.

Jimla biyu sun ishi a bayyana aikin. Shi ya sa yake da haɗari. Ɗalibi yana karanta sakin layi na farko sai ya ji ya gane, ya buɗe kwamfuta, cikin ɗan lokaci ya sa kalmar `HELLO` ta koma `IFMMP`, kamar yadda misalin takardar ya nuna. A ganinsa an gama. Alhali tura haruffa gaba ƙaramin ɓangare ne na abin da aka nema.

Karatu biyu, kowanne da aikinsa

Karatu na farko ana yin sa ne tun daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa ba, kuma ba tare da tunanin yadda za a warware komai ba. Abin da ake nema a wannan zagaye amsar tambayoyi uku ce: me zai shiga manhajar, me zai fito, kuma me za a miƙa wa mai dubawa. A aikin Caesar, mabuɗi yana shiga tun lokacin da ake kiran manhajar, a kan layin umarni; rubutu yana shiga daga baya, bayan manhajar ta tambaya; ɓoyayyen rubutu yana fitowa; abin miƙawa kuma fayil ɗaya ne. Wanda ya kasa faɗin waɗannan da bakinsa ba tare da duba takarda ba, bai kai ga zagaye na biyu ba tukuna.

Ka lura da abin da ya riga ya bayyana: mabuɗi da rubutu ba ta ƙofa ɗaya suke shiga ba. Mai gaggawa yakan sa manhajarsa ta tambayi mabuɗi kamar yadda take tambayar rubutu, domin haka ya saba yi a ayyukan makonnin baya. Manhajar za ta yi aiki sumul a hannunsa, amma ba ita aka ce ya gina ba, kuma kusan duk gwajin da za a yi mata zai faɗi tun daga matakin farko.

Karatu na biyu shi ne na biro. A nan ana tafiya a hankali, ana tsayawa a kan kowace jimla ana tambaya: abubuwa nawa wannan jimla take nema? Sau da yawa amsar ta fi ɗaya. Akwai jimla a takardar Caesar da ma'anarta ita ce: idan aka kira manhajar ba tare da mabuɗi ba, ko aka ba ta fiye da ɗaya, to ta buga saƙon kuskure, ta kuma fita nan take da lambar 1. Jimla ɗaya ce a ido, amma tana ɗauke da yanayi biyu, rashin mabuɗi da yawansa, kuma kowane yanayi yana neman abu biyu, saƙo da lambar fita. Wanda ya rubuta "duba mabuɗi" a jerinsa ya dunƙule abu huɗu wuri guda, kuma cikin sauƙi zai yi biyu ya manta biyu, ya sa alamar an gama da zuciya ɗaya.

Ita wannan lambar fita tana bukatar ɗan bayani, domin ita ce sharaɗin da ido ba ya gani. Duk manhajar da ta gama aiki tana barin wata lamba ga kwamfutar: 0 na nufin lafiya lau, wata lamba dabam na nufin an sami matsala. Ba a buga ta a allo. Ɗalibi zai ga saƙon kuskurensa ya fito ya yi murna, bai san manhajarsa ta fita da 0 ba, wato ta shaida wa kwamfuta cewa komai daidai. Sai an tambaya ake ganinta:

```
./caesar
echo $?
```

Idan layi na biyu ya nuna 1, an cika sharaɗi. Idan ya nuna 0, da saura.

Akwai kalmomin da biro ya kamata ya tsaya a kansu duk inda ya gan su, tunda yawancin irin waɗannan takardu da Turanci suke zuwa. Injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet sun daɗe da ba wa wannan muhimmanci, har a 1997 suka fitar da wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119 domin kawai ta tantance nauyin kalmomi irin su `MUST`, wato dole, da `SHOULD`, wato ya kamata sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, da `MAY`, wato in an ga dama. Malamai ba lallai su bi wannan tsari sau da ƙafa ba, don haka shawarata ga ɗalibi ita ce a aikin makaranta ya ɗauki "ya kamata" a matsayin "dole". Bayan su akwai kalmomin sharaɗi da togiya: idan, sai dai, ko da, kada, ban da. Inda duk ɗayansu ta fito, akwai wani yanayi na dabam da marubucin ya riga ya hango, kuma mai yiwuwa ya tanadi gwaji a kansa.

Jerin da ya fito

Idan aka bi takardar Caesar a haka, abin da ake samu ya yi kama da wannan:

1. Fayil ɗin sunansa `caesar.c`.
2. Babu mabuɗi: saƙon kuskure, a fita da 1.
3. Mabuɗi fiye da ɗaya: saƙon kuskure, a fita da 1.
4. Mabuɗin da ke da wani abu wanda ba lamba ba: a buga `Usage: ./caesar key`, a fita da 1.
5. A buga `plaintext:` a jira rubutu a kan layin, ba a sabon layi ba.
6. A buga `ciphertext:` sannan sakamako ya biyo a kan layin.
7. Kowane harafi ya matsa gaba daidai da mabuɗi.
8. Bayan Z a zagayo kan A, bayan z a zagayo kan a.
9. Babban harafi ya fito babba, ƙarami ya fito ƙarami.
10. Abin da ba harafi ba, irin su waƙafi da aya da fili da lambobi, ya fito yadda ya shiga.
11. Mabuɗin da ya wuce 26 ya yi aiki.
12. Mabuɗi mai girma ƙwarai, muddin bai kai 2^31 − 26 ba, ya yi aiki.
13. A sauka sabon layi bayan sakamako.
14. A fita da 0.

Sharuɗɗa goma sha huɗu. Abin da ɗalibinmu na ɗazu ya yi har ya ce an gama shi ne na 7 kaɗai, wataƙila da na 5 da na 6 idan ya yi sa'a. Na 2 da na 3 da na 4 ba su ma shafi ɓoye saƙo ba. Magana suke yi kan abin da za a yi idan mutum ya yi amfani da manhajar ba daidai ba. Haka yawancin takardun aiki suke. Hanyar da komai ke tafiya lafiya gajeriya ce, kuma kowa yana ganinta. Yawancin jimlolin suna tafiya ne kan inda abubuwa ke karkacewa.

Amma jeri irin wannan bai gama nuna ba. A nan ne nake ganin bambanci tsakanin jerin da ke taimako da wanda ake rubutawa don a ce an rubuta. Kowane layi yana bukatar gwajinsa a gefe: ga abin da zan ba manhajar, ga abin da dole ta maido. In ba za ka iya rubuta wannan ba, to ko dai ba ka gane sharaɗin ba, ko kuwa ya yi girma, yana bukatar a ƙara raba shi. Tela nagari ba ya rubuta "riga ta yi masa daidai" a littafinsa. Yana rubuta awon kafaɗa da na hannu da na tsawo, domin su ne zai iya ɗora tef a kai ya ce eh ko a'a. "Manhaja ta kula da kurakurai" fata ce kawai. "Idan na buga `./caesar 2x`, ta nuna `Usage: ./caesar key` ta fita da 1" sharaɗi ne, domin ko yaro zai iya gwadawa ya faɗa maka ko an cika.

Kuma ana lissafa amsar gwajin da hannu, tun kafin a sami manhajar da za ta ba da tata. Mu ɗauki `Sannu, Zaria!` da mabuɗin 1. S ta koma T, a ta koma b, n biyu sun koma o biyu, u ta koma v. Waƙafi da fili sun tsaya yadda suke. Z ta zagayo ta koma A babba, sai b, s, j, b, sannan alamar motsin rai ta tsaya. Amsa ita ce `Tboov, Absjb!`. Wannan ɗan gwaji ya taɓa sharuɗɗa huɗu a lokaci ɗaya, daga na 7 zuwa na 10. Idan aka sake shi da mabuɗin 27, dole amsar ta zama iri ɗaya, tunda 27 zagaye ɗaya ne da taki ɗaya. Ga gwajin na 11 ya samu a ɓagas. Da mabuɗin 26 ko 0 kuwa, rubutun zai fito kamar ba a taɓa shi ba.

Dalilin lissafi da hannu shi ne idan aka bari sai manhaja ta fito da amsa sannan aka duba, ido yakan yarda da duk abin da ya yi kama da ɓoyayyen rubutu. `Tboov, [bsjb!` ma ai kama da sirri ya yi. Wanda ya riga ya rubuta `Absjb` a takardarsa ne kaɗai zai tsaya ya ce ina wannan baka ta fito. Daga inda ta fito kuwa sananne ne. Kwamfuta tana riƙe haruffa a matsayin lambobi bisa tsarin ASCII, inda A take 65, Z take 90, a take 97, z take 122. Idan aka ƙara 1 a kan 90 ba tare da zagayowa ba, sai a faɗa kan 91, wadda ita ce alamar `[`. Ganin wannan alama, ko `{` a wurin da ƙaramar z take, shaida ce kai tsaye cewa sharaɗi na 8 ne aka tsallake. Amfanin jeri mai lamba ke nan: kuskure yana zuwa da adireshinsa.

Sharuɗɗan da ba su yi kama da sharuɗɗa ba

Na 4 ya cancanci a daɗe a kansa. A harshen C akwai wani tanadajjen aiki mai suna `atoi` da ke mayar da rubutu lamba, kuma shi ɗalibai suke amfani da shi su karanta mabuɗi. Halinsa shi ne ba ya ƙorafi. Ka ba shi `2x`, zai ɗauki 2 ya yi shiru. Ka ba shi `abc`, zai maido 0. Saboda haka manhajar da ta dogara da shi kaɗai za ta karɓi mabuɗin banza ta ci gaba da aiki kamar ba komai. Takardar ba ta ce "idan mabuɗin ba lamba ba ne" a dunƙule ba. Cewa ta yi idan wani daga cikin baƙaƙen mabuɗin ba lamba ba ne. Wannan ɗan bambanci yana nufin sai an bi mabuɗin baƙi-baƙi an duba kowanne. Daga nan gwaje-gwaje uku suke fitowa: `abc`, wanda duk haruffa ne; `2x`, wanda ya fara da lamba ya ƙare da harafi; da `-3`, wanda alamar ragewar da ke gabansa ba lamba ba ce, don haka shi ma a ƙi shi. Wanda ya gwada na farko kawai yana iya wucewa da manhajar da ke duba baƙin farko ta ƙyale saura.

Na 12 kuma shi ne wanda kusan kowa yake tsallakewa, domin ya yi kama da ado na masana lissafi. Ba ado ba ne. Lambar 2^31 − 26 ita ce 2,147,483,622. Ma'ajin lamba na yau da kullum a harshen C, wanda ake kira `int`, a irin kwamfutocin da ake wannan darasi da su ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Takardar ta ba da dabarar lissafi kamar haka:

```
c = (p + k) % 26
```

A nan `p` matsayin harafi ne daga 0 zuwa 25, `k` mabuɗi ne, alamar `%` kuma tana ba da ragowar rabawa. Idan `p` bai wuce 25 ba, kuma `k` bai kai waccan iyaka ba, jimillarsu za ta shiga ma'ajin ba tare da ta zube ba. Amma wanda ya ƙara mabuɗin kai tsaye a kan 122 na ƙaramar z, kafin ya rage 97, zai iya tsallake bakin ma'ajin idan mabuɗin ya kusa iyaka, sakamakon ya lalace. Wato wannan lamba mai ban tsoro tana gaya wa mai karatu a wane tsari zai yi lissafinsa. Duk lambar da ta bayyana a takardar aiki, akwai dalilin da ya sa aka rubuta ita ba wata ba, kuma ya dace ta sami layinta a jeri.

Haka ma ma'auni. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Binciken da aka yi ya gano cewa wata manhaja da ke aiki a ƙasa tana fitar da alƙaluman ƙarfin tunkuɗa a ma'aunin fam, alhali takardar ƙa'idar aikin ta ce a fitar da su a ma'aunin niyutan. Tsakanin ma'aunan biyu akwai ninki kusan 4.45. An rubuta sharaɗin, yana nan cikin takarda. Abin da aka gina ne bai bi shi ba, kuma ba a kama saɓanin da wuri ba.

Mu dawo kan ƙaramin aikinmu. Misalan da ke ƙasan takarda su ma sharuɗɗa ne, kuma wani lokaci sun fi jimlolin faɗin gaskiya. A nan ake ganin ainihin yadda allo zai kasance: ƙananan haruffa ne a `plaintext:`, ba babbar P ba, akwai ɗigo biyu a ƙarshe, kuma a bugun shekarun baya-bayan nan fili biyu ne ke bin `plaintext:`, fili ɗaya ke bin `ciphertext:`, domin rubutun biyu su daidaita a sama da ƙasa. Mutum zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. Amma a CS50 wata manhaja ce mai suna `check50` take gwada aikin, kuma na'ura ba ta san "ai kusan ɗaya ne" ba. Wanda ya fassara kalmar `ciphertext` don ƙawa yana iya faɗuwa gwajin da lissafinsa ya ci. Irin waɗannan kalmomi kwafe su ake yi daga takarda, ba a rubuta su da ka. Kuma tunda masu darasin sukan gyara bayanin aiki daga shekara zuwa shekara, takardar da ke gabanka ita ce hujja, ba abin da wani ya tuna daga tasa shekarar ba.

Akwai kuma akasin haka, wato abin da ya yi kama da sharaɗi amma shawara ce. Bayanin Caesar yana da sashen taimako da ke nuna yadda za a iya raba aikin, har da sunayen ƙananan ayyuka irin su `only_digits` da `rotate`. Shawara ce mai kyau, amma ba ta cikin abin da aka wajabta. Yana da kyau a ware mata gefe dabam a takarda. Wani malamin kuwa zai wajabta sunan, ya ce dole aikinka ya kasance da suna kaza, ya karɓi abu kaza. A nan sunan ya shiga jeri, baƙi da baƙi.

Inda takarda ta yi shiru

Bayan jerin sharuɗɗa, akwai jeri na biyu, gajere, na tambayoyi. Duk takarda tana da wuraren da ba ta ce komai ba, kuma karatu da biro ne ke tono su. Mai jin Hausa zai ci karo da ɗaya nan da nan: ya za a yi da ƙ da ɗ da ɓ? A wurinmu haruffa ne cikakku. Amma dabarar lissafin an gina ta a kan haruffa 26, kuma a tsarin UTF-8 da yawancin kwamfutoci ke amfani da shi, ƙ tana cin gurbi biyu, ba ɗaya ba kamar k. Manhajar da ke bin rubutu gurbi-gurbi ba za ta gan ta a matsayin harafi ba, don haka yawanci za ta wuce yadda take: `ƙasa` da mabuɗin 1 ta fito `ƙbtb`. A wannan aiki hakan ya wadatar, tunda ba a nemi fiye da haka ba. Amma da a ce aikin na wani kamfani ne da zai yi hulɗa da rubutun Hausa, da wannan ita ce tambayar farko da za a kai wa mai aikin.

Abin yi da irin wannan tambaya biyu ne. In akwai wanda za a tambaya, a tambaye shi tun da wuri, kuma a tambaya da misali: "Malam, idan aka ba da rubutu mai ƙ, ta fito yadda take ko a tura ta?" Malami ya fi saurin amsa wannan a kan "ban gane aikin ba." In babu, sai a zaɓi fassarar da ta fi kusa da abin da aka rubuta, a rubuta zaɓin a fili, ko a takardar jeri ko a cikin bayanin kod. Abin da ba a so shi ne ɗalibi ya ƙirƙiro wa kansa aikin da ba a sa shi ba, ya kwana yana koya wa manhajarsa haruffa masu lanƙwasa alhali sharaɗi na 3 yana nan ba a taɓa shi ba.

Daga jeri zuwa kod

Tsarin da sharuɗɗa suka zo a takarda ba lallai ya zama tsarin da za a gina su ba, don haka mataki na ƙarshe kafin a buɗe kwamfuta shi ne a duba wanne ya dogara da wanne. A Caesar akwai dogaro ɗaya da ba a rubuta ba amma yana da tsanani: dole a tabbatar akwai mabuɗi kafin a duba abin da ke cikinsa. Idan aka sa binciken na 4 gaba da na 2, sannan aka kira manhajar ba mabuɗi, za ta je leƙa wurin da babu komai, ta faɗi da saƙon `Segmentation fault`. Mai jeri yana ganin wannan tun a takarda, ya ja kibiya daga na 2 zuwa na 4.

Daga nan sai gini ɗaya bayan ɗaya. A yi na 1 zuwa na 3, a gwada, a sa alama. A ƙara na 4, a gwada shi da `abc` da `2x` da `-3`, sannan a sake gwada na 2 da na 3 don a ga ba a rushe su ba. Sai a sa manhajar ta karɓi rubutu ta maido shi ba canji, wanda ya cika na 5 da na 6 da na 13 da na 14 tun kafin a taɓa harafi ko ɗaya. Tura haruffa, wanda mai gaggawa yake farawa da shi, yana zuwa ne kusan a ƙarshe, a lokacin da duk abin da ke kewaye da shi ya riga ya zauna. Idan wani abu ya lalace a wannan tafiya, ba a neman sa cikin fayil gaba ɗaya. Yana cikin layukan da aka ƙara tun alamar ƙarshe. Alama kuma ba a sa ta don an rubuta kod, sai gwajin da ke gefen layin ya fito daidai da abin da aka lissafa da hannu.

Jerin yana da iyakarsa. Yana faɗin abin da za a yi, ba ya faɗin yadda za a yi. Wanda bai fahimci alamar `%` ba, layi na 8 da na 11 za su nuna masa daidai inda ya tsaya, amma sai ya koma littafi ya koya. Ana kuma iya wuce gona da iri wajen rabawa, har a rubuta layi don kowane harafi. Ma'aunin da nake bi shi ne a daina rabawa da zarar layi ya zama abin da gwaji ɗaya ko biyu za su iya tabbatarwa. Sannan shi jerin ma aikin mutum ne, yana iya tsallake wani abu. Saboda haka kafin a miƙa aiki akwai karatu na uku: a ajiye jerin gefe, a ɗauko ainihin takardar, a bi ta daga sama har ƙasa da manhajar a buɗe, ana gwada kowace jimla. A nan ne ake kama abubuwan da ke can ƙarshen shafi, irin su sunan fayil, da yadda ake miƙawa, da ranar rufewa, da dokar abin da aka halatta a nemi taimako a kansa. A CS50 miƙawar da umarnin `submit50` ake yi, kuma akwai `style50` da ke duba tsabtar rubutun kod. Su ma layuka biyu ne da ya dace a ƙara a ƙasan jerin, na 15 da na 16.